Muhawara: An nemi jawabin biki, ba a faɗi matsayin mai magana ba

Nasiru: Salamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya iya ya rubuto min jawabin da zan yi a liyafar biki ranar Asabar. Mai kyau nake so. Na gode.

Kabiru: Wa alaikumus salam. Ga wannan, ka sa sunaye kawai: "Jama'a, yau rana ce ta farin ciki. Na san angon nan tun muna yara, mun sha gwagwarmaya tare, kuma na daɗe ina cewa ranar da aka samu wadda za ta iya da shi sai an buga ganga. To ga ta nan an samu. Amarya, mun miƙa miki shi, sai ki yi haƙuri da rigimarsa." Daga nan ka yi musu fatan alheri ka zauna. Ai shi ke nan.

Malam Haruna: Kabiru, ka yi sauri. Wa ya ce maka abokin ango ne? Karanta saƙon nasa kuma. Bai faɗi ko shi wane ne ba, bai faɗi ɓangaren da yake ba, bai ce raha yake so ko natsuwa ba. Idan kawun amarya ne ya miƙe ya ce "mun sha gwagwarmaya tare da ango", me kake jin zai faru a ɗakin?

Nasiru, na shafe shekaru ina gabatar da masu magana a wurin liyafa, kuma ba zan iya rubuta maka layi ɗaya ba sai na san abin da zan tambaye ka yanzu. Me kake ga amarya ko ga ango? Tun yaushe ka san ɗayan, kuma yaya saninka da ɗayan? Wa ya ce ka yi magana, kuma da wane matsayi ya sa ka? Minti nawa aka ba ka? Su wa za su yi magana kafin kai? Ka amsa ko da a gajarce ne.

Kabiru: Malam, da girmanka, amma yawanci mai neman irin wannan abokin ango ne. Iyaye ba sa zuwa neman a rubuta musu. Kuma jawabin biki ai duk tafiyarsa ɗaya ce: gaisuwa, yabo, fatan alheri.

Malam Haruna: Ƙashin bayansa ɗaya ne, wannan ka yi gaskiya. Amma abin da mutum yake da hurumin faɗa ya danganta da inda yake tsaye. Abokin ango yana da damar tsokanar ango, ba shi da damar tsokanar amarya. Mahaifi yana da damar yin nasiha, abokin aiki ba shi da ita, in ya yi sai a ji ya wuce gona da iri. Ƙanwa tana iya yin hawaye a tsakiyar magana kowa ya tausaya, shugaban wurin aiki in ya yi haka sai mutane su rasa inda za su sa idonsu. Jimla ɗaya ce, a bakin wani ta zama zuma, a bakin wani ta zama rashin ta ido.

Zulai: Ni a ganina ba sai an wahalar da shi ba. Ka yi musu magana a kan haƙuri da juna, riƙe sirri, kada su bari wani ya shiga tsakaninsu, su riƙa shawara kafin yanke hukunci. Wannan ko wane ne kai zai yi daidai.

Sadiya: Zulai, wannan nasiha ce, ba jawabin mutum ɗaya ba. Kuma na tabbata kafin a zo kansa mutum biyu ko uku sun riga sun faɗi haƙuri da riƙe sirri. Na je bikin da masu magana biyar suka yi, huɗu daga ciki abu ɗaya suka maimaita. Zuwa na uku mutane sun koma hira da na kusa da su.

Zulai: To ai maimaita alheri ba laifi ba ne.

Sadiya: Ba laifi ba ne, amma in don haka ne da sai a zaɓi mutum ɗaya ya faɗa a madadin kowa. An kira shi ne saboda akwai abin da ya sani game da su wanda sauran ba su sani ba.

Nasiru: Ku yi haƙuri, ina wurin aiki ne. Ni ba abokin ango ba ne. Yayan amarya ne, ni ne babba a gidanmu. Mahaifinmu ya rasu shekara 2 da suka wuce, shi ya sa Mama ta ce ni zan yi magana a madadin gida. Angon kuma sau 3 kawai muka taɓa zama da shi. An ce min minti 3. Kawun ango zai fara, sai ni, sai ƙawar amarya. Ban taɓa magana a gaban taro ba, shi ya sa na ce a rubuto min kawai.

Kabiru: Allah ya jiƙan Baba. Yaya Nasiru ka share abin da na rubuta, bai dace da kai ba ko kaɗan.

Hajiya Binta: Allah ya gafarta masa, ya sa albarka a abin da ya bari. Ɗana, nauyin da aka ɗora maka ba ƙarami ba ne.

Malam Haruna: Amin. To yanzu magana ta fito. Ka ga wannan gajeren bayanin naka ya yanke abubuwa da yawa. Kana tsaye ne a gurbin uba amma kai ɗan'uwa ne, don haka muryarka tana tsakani: ba za ka yi ta zuba nasiha kamar dattijo ba, ba kuma za ka yi barkwancin abokai ba. Natsuwa ce za ta rinjaya, da ɗan murmushi wuri ɗaya. Tunda kawun ango ne zai riga ka, kusan tabbas shi zai yi doguwar gaisuwa da nasiha, sai ka bar masa su. Tunda ƙawar amarya tana bayanka, labaran makaranta da ƙawance nata ne. Abin da ya rage naka shi ne wanda babu mai iya faɗa sai kai: yadda yarinyar nan take a cikin gida.

Batun lokaci kuma, mutum in yana magana a natse gaban jama'a yana faɗin kalma wajen 120 zuwa 140 a minti ɗaya. Minti 3 ke nan bai wuce kalma 420 ba, kuma ni zan ce ka tsaya a 300 zuwa 330, saboda za ka dakata, wataƙila murya ta shaƙe maka, wataƙila a yi dariya ka jira. Wannan bai kai shafi guda cikakke ba. Labari ɗaya kawai zai ɗauka, ba biyu ba.

Yanzu ka ba ni abu biyu. Wani abu da ƙanwarka ta taɓa yi wanda in ka tuna sai ka ce "wannan ita ce". Ba siffa nake so ba, kada ka ce min tana da kirki ko tana da ladabi, aukuwa nake so, mai rana da wuri. Sannan a zama ukun da ka yi da angon, me ka gani da idonka?

Anti Ladi: Kafin ya amsa bari in faɗi nawa, don abin ya taɓa ci na. Abokiyar aikina ta yi aure ta ce in yi magana. Na ce wa wata 'yar'uwata ta rubuto min, ban faɗa mata komai ba sai sunan amarya. Ta rubuto abu mai daɗin ji, ni kuma ban karanta shi da kyau ba sai a wurin. Ina tsakiyar karantawa na ji bakina yana cewa "mun taso tare tun ƙuruciya". Shekara 4 kacal da saninmu, a ofis. 'Yan'uwanta na zaune a gaba, sun san duk wanda ta taso da shi. Ba wanda ya ce komai, amma na ga ƙanwarta ta juya ta kalli mahaifiyarsu. Ƙasa kuma akwai layin da ke cewa "yau kin shiga sabuwar rayuwar da ba ki taɓa sani ba", alhali aurenta na biyu ne. Wannan na gan shi da wuri na tsallake. Har yau in na tuna ba na jin daɗi, domin amanar da ta ba ni ce na yi wa riƙon sakaina. 'Yar'uwar tawa ba ta da laifi, abin da ba a faɗa mata ba ta cike da abin da aka saba ji.

Malam Haruna: Anti Ladi kin taɓo ainihin inda ake faɗawa rami. Duk wanda aka ce ya rubuta ba tare da bayani ba, dole ya yi zato, kuma zatonsa kullum guda ne: auren fari, saurayi da budurwa, iyaye duka suna raye, mai magana tsohon aboki. Ko ɗaya daga ciki ya kuskure, jawabin ya zama ƙaya. Hanyar gane jawabin aro mai sauƙi ce. Ka cire sunayen ango da amarya ka sa na wasu. In har ya zauna daram ba abin da ya karye, to ba nasu ba ne.

Nasiru: Malam na yi tunani. Lokacin tana shekara 7 ni ina makarantar kwana. Duk ranar da hutu ya ƙare sai in nemi takalmina in rasa. Sau biyu ina makara saboda haka. A na uku Baba ya gano ita ke ɓoye shi a ƙarƙashin katifarta don kada in tafi. Sannan lokacin jinyar Baba, wata 4 a asibiti, ita ta riƙe littafin da take rubuta lokacin kowane magani, tana kwana a kujera, ga jarrabawar ƙarshe a gabanta. Angon kuma, sunansa Mustafa, gaskiya ban san shi sosai ba. Abin da na lura kawai, duk lokacin da Mama ta fara magana sai ya kife wayarsa a kan tebur, ba ya ɗagawa sai ta gama. Sau ukun duka haka ya yi. Ban sani ba ko wannan abin faɗa ne.

Sadiya: Wallahi labarin takalmin nan ya isa. Ina karantawa na ji kamar na san ta.

Malam Haruna: Abin faɗa ne, har ya fi "mutumin kirki ne" sau goma. Kuma kada ka ɓoye cewa ba ka daɗe da saninsa ba. Danginsa suna wurin, sun san gaskiya, in ka yi kamar kun shaƙu za su ji ƙarya a ciki. In ka ce "sau uku muka zauna, ga abin da na gani", za su ji ka lura da ɗansu, kuma wannan girmamawa ce gare su.

Ga yadda zan jera maka. Gaisuwa layi biyu, ka faɗi ko kai wane ne, domin rabin ɗakin ba su san ka ba. Sai takalmi. Sai abin da takalmin ke nunawa game da ita, jimla ɗaya tak. Sai Mustafa da wayarsa. Sai ka juya ka yi musu magana su biyu kai tsaye, ka rufe da addu'a. Tsakiyar za ta iya zama kamar haka, amma ka mayar da ita bakinka:

"Tana shekara bakwai, duk ranar komawata makaranta sai takalmina ya ɓace. Sai a karo na uku aka gano yana ƙarƙashin katifarta. Ba ta son in tafi. Har ta girma halin nan bai bar ta ba, in ta riƙe mutum a matsayin nata ba ta sakinsa. Mustafa, ni da kai sau uku muka zauna. A duka ukun na ga in mahaifiyarmu ta buɗe baki sai ka kife wayarka har ta gama. Ban ce maka komai ba a lokacin, amma na gani, kuma hankalina ya kwanta."

Ka lura ban sa jinyar asibiti ba. Labari ne mai nauyi, in ka shiga cikinsa ba za ka fito a minti 3 ba, kuma da wuya muryarka ta kai ka ƙarshe.

Hajiya Binta: Malam Haruna, a nan ban bi ka ba. Yaron nan yana tsaye ne a inda mahaifinsa ya kamata ya tsaya. Ta yaya zai yi magana ya sauka bai ambaci wanda ya bar masa gurbin ba? Duk wanda ke ɗakin daga ɓangarensu, marigayin zai zo a zuciyarsa. In ba a faɗa ba, shirun ne zai fi ciwo. Ni na aurar da 'yata bayan rasuwar mahaifinta, ƙaninsa ya yi magana bai ambace shi ba don kada in yi kuka. Kukan na yi shi duk da haka, a gida, kuma da ɗacin an manta da shi.

Malam Haruna: Hajiya, ban ce kada a ambace shi ba, Allah ya kiyaye. Jinyar na ce a bari. Ambato daban, labarin gadon asibiti daban. Zai iya cewa tun farko, "Ina tsaye ne a madadin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wanda na san da yana nan da ya fi kowa farin ciki." Ya dakata a amsa, ya numfasa, ya wuce zuwa takalmi. Kuma a labarin takalmin ma Baba ne ya gano, sai ya sa sunansa a wurin, ya shigo cikin jawabin yana raye, yana ɗaga katifa.

Hajiya Binta: Wannan na ƙarshen ya yi min. Amma har yanzu ina ganin abin da yarinyar ta yi wa mahaifinta a jinya shi ne mafi girman shaidar da za a ba dangin miji a kanta. Takalmi ƙuruciya ce. Wata 4 a kujerar asibiti shi ne halinta na yanzu. Ko jimla ɗaya ce a sa.

Sadiya: Hajiya, ni tsorona amaryar. Tana zaune kowa na kallonta, ana ɗaukar hoto, ba ta da inda za ta ɓuya. In aka tuno mata kwanakin nan ba shiri, wataƙila ta kasa tsayar da kukan har a tashi.

Kabiru: To me zai hana ya tambaye ta? Ko dai so ake ya zama ba-zata?

Malam Haruna: Kabiru, yanzu ka faɗi wadda ta fi tawa. Ba-zata a jawabin biki ba ta da wani amfani in ta taɓa rasuwa, rashin lafiya, auren baya ko wani tsohon manemi. Waɗannan ana tambaya kafin a faɗa, na ƙarshen ma ba a faɗarsa sam. Nasiru, ba sai ka karanta mata duka ba. Ka ce mata kawai, "zan ambaci Baba, kina so in taɓo jinya ko in bari?" Haka ma Mama. Har labarin takalmin ka gwada shi da wannan ma'auni: za ta yi dariya in an faɗe shi gaban surukanta, ko za ta sunkuyar da kai don kunya? A ganina zai wuce, amma kai ka san ta.

Zulai: Ni dai har yanzu ina ganin babu nasiha ko ɗaya a ciki. Babban wa ne fa, a gurbin uba. Ya sauka bai ce mata ta yi haƙuri da zaman aure ba?

Anti Ladi: Zulai, yana da sauran rayuwa ya faɗa mata wannan su biyu. A gaban mutum ɗari, in ya ce mata ta yi haƙuri ita kaɗai, dangin miji za su iya ɗauka yana nufin ba ta da shi.

Zulai: Sai ya haɗa su duka biyun. Ban yarda a cire gaba ɗaya ba.

Malam Haruna: In zai sa, layi ɗaya, ga su biyun, kuma ya fito daga labarin da ya bayar. Misali, "ku riƙe juna yadda ta riƙe takalmin nan." Ya wuce haka ya koma maimaita kawun ango.

Nasiru, sauran aikin na baki ne. Ka rubuta shi da kalmomin da kake magana da su a gida, duk kalmar da ba ka taɓa furtawa ba ka cire ta, don a kanta harshe zai sarƙe. Ka karanta da ƙarfi sau 4 ko 5 kana duba agogo, a tsaye, ba a zuci ba. In ya kai minti 2 da rabi a ɗaki, zai cika 3 a wurin taro. Ka buga shi a takarda da manyan haruffa, kada ka dogara da waya, allonta yana mutuwa a daidai lokacin da hannu ke rawa. Ka haddace jimlar farko da ta ƙarshe kawai don ka faɗe su kana kallon mutane. Makirufo kuma ka riƙe shi kusa da haɓa, kada ka sauke shi in ka juya wajen amarya, nan ne yawancin mutane ke ɓatar da mafi kyawun layinsu. Ka kuma tabbatar da sunan kawun ango da yadda ake kiran iyayensa kafin ranar.

Nasiru: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na rubuta, na karanta da agogo, minti 2 da daƙiƙa 40. Sau biyu ina tsayawa a wurin sunan Baba, ban san yadda zan yi ranar ba. Na kira ƙanwar tawa, ta ce takalmi ba komai, har ta yi dariya, ta ce ba ta san na tuna ba. Batun jinya ta ce in tambayi Mama, duk abin da ta ce shi ke nan.

Hajiya Binta: In ka tsaya ka tsaya, ɗana, ba wanda zai ga laifinka. Ka sha ruwa ka ci gaba. Mama kuma ka same ta ita kaɗai, ba a gaban baƙi ba.

Kabiru: Yaya Nasiru, ka sa wani ya tsaya kusa da kai da kwafin takardar, ko da za a buƙata.

Nasiru: Ƙanina zai tsaya. Yau da daddare zan je wurin Mama. Malam Haruna, in ta ce a sa jinyar, zan turo maka jimlar ka duba min inda za ta shiga, don ban ga wurinta ba tsakanin takalmi da Mustafa.

Malam Haruna: Turo. Wataƙila bayan "ba ta sakinsa" ne, amma sai na ga yadda ka faɗe ta.